An Rufe Shagonki na Intanet Ba Laifi: Me Za Ki Rubuta Musu?

Duk mai sayar da kaya a kasuwannin intanet irin su Jumia, Konga ko Amazon ɗan haya ne. Rumfar ta kamfani ce, kuma yana iya garƙame ta cikin dare da saƙo guda: an dakatar da asusunki saboda saɓa ƙa'ida. Sau da yawa kuɗin cinikin da ba a riga an biya ba su ma sai su maƙale. A Amazon riƙon yakan kai kwana 90.

Mu ɗauki misali. A ce wata baiwar Allah a Kano tana saro atamfa a Kantin Kwari tana sayarwa a ɗaya daga cikin waɗannan kasuwanni. Ta sari turmi 40, ta sayar da 26, sai wata mai saye ta kai ƙara cewa jabu aka aiko mata. Atamfar kuwa ta gaske ce. Abin da ya faru, kalar da ke hoto ta fi ta hannu haske.

Abin da yawancinmu za mu fara rubutawa shi ne magiya: a dubi Allah, da wannan sana'ar nake ciyar da yara. Gaskiya ne, amma ba shi zai buɗe shago ba. Ma'aikacin da zai karanta takardar yana da tarin irinta a gabansa, abu ɗaya kuma yake nema: shaidar da za ta ba shi damar soke hukuncin. Zagi da barazanar kotu ma ba su ƙara komai.

Saboda haka ta fara da sake karanta saƙon dakatarwa a tsanake, ta fitar da ainihin ƙa'idar da aka ce ta karya, da lambar kayan, da lambar odar. Zargin jabu daban, zargin jinkirin aika kaya daban. Wanda ya amsa tambayar da ba a yi masa ba ya ɓata damarsa.

Takardar kanta, wadda galibi da Turanci ake rubuta ta, kada ta wuce shafi ɗaya. Ga ma'anar abin da za ta ƙunsa: "An dakatar da asusuna ranar kaza bisa zargin jabu a oda mai lamba kaza. Kayan na asali ne. Na sari turmi 40 daga shago kaza, ga rasiɗi a haɗe, ga hoton tambari da lambar zane da ke bakin atamfar. Na gano cewa hoton da na ɗora ya fi kayan haske, na mayar wa mai saye kuɗinta, na tanadi sababbin hotuna. Ina neman a sake duba hukuncin, a buɗe asusun." Wannan shi ne tsarin da Amazon ke kira Plan of Action: musabbabin matsala, gyaran da aka yi, da matakin hana ta sake aukuwa.

A lura, ta amsa laifin hoto, ba ta amsa na jabu ba. Akwai masu ba da shawarar a ce an yi kuskure kawai don a wuce wurin. A ganina wannan ganganci ne, domin amsar za ta zauna a tarihin asusun, ran da wani ya sake ƙorafi da ita za a kafa hujja.

Inda gizo ke saƙa shi ne rasiɗin. Cinikinmu na amana ne, Alhaji ya miƙo kaya, a tura masa kuɗi, shi ke nan. In ma an ba da takarda, guntuwa ce ba suna ba adireshi. Kamfani kuwa yana son ganin sunan wanda aka sara a wurinsa, adireshinsa, lambar wayarsa, kwanan wata da yawan kaya, kuma yawan ya kai abin da aka sayar. Rasiɗin turmi 10 ba zai kare cinikin turmi 26 ba. Idan ba ta da shi, ta koma wurin Alhajin ya rubuta mata na gaskiya a kan takardar shagonsa, ta haɗa da shaidar tura kuɗi daga banki. Kada ta kuskura ta goge ko ta ƙara harafi a hoton rasiɗi. Takardar bogi laifi ce da ta fi zargin farko nauyi.

Sai haƙuri. Ta tura ta hanyar da saƙon ya nuna, sau ɗaya, ta jira amsa. In an ƙi, ta sake turawa da sabuwar shaida, ba tsohuwar takarda da ƙarin kuka ba. Buɗe wani asusu da sunan ƙanwa shi ne babban tarko, don lambar waya, asusun banki ko adireshi suna tona asiri, a haɗa duka biyun a rufe.

Ke da shagonki ke buɗe a yau, ki karɓi cikakken rasiɗi a sarin da za ki yi na gaba, ki ɗauki hotonsa tun kafin ki bar kasuwa.