Yadda awo biyu ke bayyana zafin da ruwa ke sha

A cikin kowane kofin ruwa, komai tsabtarsa, akwai 'yan ƙwayoyin ruwa da ke rabuwa gida biyu, H⁺ da OH⁻, wasu kuma suna sake haɗuwa a lokaci guda. Idan saurin rabuwa ya zo daidai da saurin haɗuwa, masana kimiyyar sinadarai sukan ce an kai daidaito, kuma suna auna matsayinsa da wata lamba da suke rubutawa K. A digiri 25 na Salshiyos, K na ruwa 1.01 × 10⁻¹⁴ ne. A ɗumama ruwan zuwa digiri 50, sai ya koma 5.47 × 10⁻¹⁴, wato ya ninka fiye da sau biyar.

Wannan ƙaruwa tana gaya mana cewa rabuwar ruwa shan zafi take yi, shi ya sa ɗumi ke ƙara mata ƙarfi. Amma nawa take sha? Adadin nan shi ake kira entalfi, ana rubuta shi ΔH, kuma ana iya gano shi daga lambobin nan biyu kawai, ba tare da an auna zafin kai tsaye ba.

Wanda ya shimfiɗa hanyar shi ne Jacobus van 't Hoff, ɗan ƙasar Holan, a littafinsa na 1884. Shi ne kuma ya fara karɓar kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1901. Ƙa'idarsa ta asali tana bayanin yadda K ke motsawa idan ɗumi ya ƙaru kaɗan. Idan aka tattara waɗannan ƙananan canje-canje daga wani ɗumi zuwa wani, bisa sharaɗin cewa ΔH bai sauya ba a tsakani, sai a samu:

```
ln(K2/K1) = (ΔH/R) × (1/T1 − 1/T2)
```

R lamba ce tabbatacciya, 8.314. T kuwa ɗumi ne a ma'aunin Kelbin, wanda ake samu ta ƙara 273 a kan digirin Salshiyos. Ke nan 25 ya zama 298, 50 ya zama 323.

To, mu yi lissafin. A raba 5.47 da 1.01, a samu 5.42. A danna maɓallin ln a kalkuleta, ya ba da 1.69. Daga nan a cire 1/323 daga 1/298, abin da ya rage shi ne 0.00026. A ninka 1.69 da 8.314, a raba sakamakon da 0.00026, sai amsa ta fito kusan jul 54,000, wato kilojul 54 ga kowane mol na ruwan da ya rabu. Amsar ba ta da alamar ragi, wanda ya dace da abin da muka gani tun farko. Da K raguwa ya yi da ɗumi, da ta zo da alamar ragi, ma'ana zafi ake fitarwa.

Da aka auna zafin kai tsaye a digiri 25, kilojul 55.8 aka samu. Me ya kawo bambancin? Sharaɗin nan ne da muka gindaya. ΔH na ruwa yana raguwa a hankali yayin da ɗumi ke hawa, don haka 54 ɗinmu matsakaici ne na tsakanin digiri 25 da 50. Idan tazarar ta yi faɗi sosai, amsar takan yi nisa da gaskiyar kowane ɓangare.

Matse tazarar kuwa, a ganina, ya fi haɗari, domin ba ya nuna kansa. Ɗauka an auna a digiri 25 da 27. A nan ln(K2/K1) bai wuce 0.15 ba. Kuskuren kashi 5 cikin ɗari a K guda yana motsa shi da kusan 0.05, sulusinsa ke nan, sai ΔH ya kauce da kusan kilojul 18. Kuskuren nan ɗaya a tazarar digiri 25 kashi 3 cikin ɗari kawai yake ɓatawa.

Sauran tuntuɓen na ɗalibai ne, kuma ana saurin gane su. Wanda ya manta Kelbin ya sa 25 da 50 zai samu jul 700 kacal. Wanda ya danna log maimakon ln zai samu kusan kilojul 23.5, ƙasa da rabin amsar.

Awo biyu ba sa iya nuna ko sharaɗin ya tabbata, tunda kowane ɗigo biyu layi miƙaƙƙe na iya haɗa su. Shi ya sa mai ɗakin gwaji, in yana da hali, yakan ƙara awo na uku a tsakiya, ya zana ln K a kan 1/T. In ɗigon tsakiya ya hau layin, sai a amince da amsar. In ya kauce fiye da kuskuren awo, to ΔH yana sauyawa, sai a raba tazarar a lissafa kowane yanki daban.