Ƙwaryar Wasa: Kayan Gida da Suka Dace da Ɗan Wata Shida

Duk abin da ɗan wata 6 ya kama, baki zai kai shi, kuma ba yunwa ke sa shi ba. A wannan lokaci leɓe da harshe sun fi yatsu gaya masa ko abu na da santsi ko kaushi, sanyi ko ɗumi. Da tafin hannu gaba ɗaya yake damƙa, domin tsintar ƙaramin abu da yatsu biyu sai wajen wata 9. Ya fara sauya abu daga wannan hannu zuwa wancan, yana kuma zama idan an tallafe shi. Saboda haka ƙa'idar zaɓen kayan wasansa ɗaya ce: abin da bai dace da bakinsa ba, bai dace da hannunsa ba.

Kafin a miƙa masa komai, a duba girmansa. Abin da zai iya wucewa ta kwalin tsakiyar takardar bayan gida, wato faɗin kusan santimita 4, zai iya maƙale masa a wuya. Gyaɗa, wake, kwabo, maɓalli, dutsen ado da murfin kwalba duk sun fita. Haka leda, wadda ke toshe numfashi, da igiya ko carbi da za su iya naɗe wuya. Ƙaramin batirin agogo ya fi su haɗari, domin idan aka haɗiye shi yana ƙona maƙoshi cikin 'yan sa'o'i.

Sai a samo ƙwarya mai faɗi wadda ba ta tsage ba, a zuba abu huɗu da suka bambanta da juna. Ludayi ko cokalin katako mai sumul, mara nauyi, da daɗin gurzawa a dasashi. Ƙaramin kofin silba, mai sanyi da ƙara. Tsumman atamfa mai faɗin hankici, wankakke, wanda ba ya zuba kuma zare bai fito ba. Na huɗu kacau-kacau: busasshiyar gorar ruwa ta roba, a zuba shinkafa cokali biyu, a murɗe murfin tam, a naɗe shi da salatif, a kuma riƙa duba shi kullum kafin wasa. A wanke kayan da sabulu, su bushe.

A shimfiɗa tabarma lokacin da yaro ya tashi daga barci, ya sha nono, cikin ya ɗan sauka. Uwa ta zaunar da shi tsakanin ƙafafunta, bayansa a jikinta, ta ɗauko ludayin kaɗai. Kada ta cusa masa a hannu. Ta riƙe shi inda sai ya miƙa zai kai. Zai damƙa, ya kai baki, ya juya, ya yar. Ta bar shi ya gama bincikensa, tana ambaton abin da yake ji: "Ludayi ne, ka ji santsi?" Idan ya sake shi, ta kifa ƙwaryar ta buga da ludayin sau biyu, ta tsaya. Tsayawar nan ita ce zuciyar wasan. A cikinta yaro ke kallon hannun uwa, ya kalli ƙwaryar, ya kai nasa dukan, ya gane cewa hannunsa ne ya fitar da ƙarar. Daga nan ta kaɗa gorar ta bayan kunnensa na dama, sannan na hagu, ta ga ya waiwayo. Idan sau da yawa ba ya waiwayar sauti, a faɗa wa ma'aikacin lafiya ya duba jinsa.

Minti 5 zuwa 10 sun isa. Yaron da ya kau da kai, ya yi hamma, ya banƙare ko ya fara ƙunƙuni ya gaji ne, kuma ƙara masa wani abin kuka zai jawo. Gobe a sauya abu ɗaya kawai, a sa faifai mara tsinke a madadin kofin, don ya ji kaushi.

Da zafin rana ana iya zuba ruwa kaɗan a faranti ya facaka, amma babba ya riƙe shi har a gama, sannan a zubar nan take. Ruwan da bai kai tsawon yatsa ba yana nutsar da jariri. Kada a bar wannan tsaro a hannun yayarsa ƙarama.

Idan abu ya shaƙe shi yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi tarin. Idan kuwa ya kasa kuka da numfashi, a kifa shi a kan hannu, kansa ƙasa da ƙirjinsa, a buga tsakanin kafaɗunsa sau 5, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau 5, a maimaita, wani kuma ya nemo abin hawa zuwa asibiti. Kada a zura yatsa ana lalube, domin hakan na tura abin ciki.