An Ba Ka Lambarta: Me Za Ka Fara Rubutawa?

A da, idan 'yan uwa suka haɗa saurayi da budurwa, da ƙafarsa yake zuwa. Ya tsaya a ƙofar gida, ya aiki yaro ya shiga ya ce ana sallama da wance, sannan ya jira. Idan iyaye sun yarda ta fito, in ba su yarda ba yaron ya dawo ya ce wai tana aiki. Yau gwaggo ko yaya kan turo lambar waya ne kawai, ta ce, "Ga yarinyar da na gaya maka, sai ka neme ta." Saƙon farko da za ka tura ta WhatsApp shi ne ya maye gurbin wancan yaron aike, kuma aikinsa bai canza ba: ya faɗi wanda ya zo, ya faɗi ta hannun wa ya zo, ya nemi izini.

Abin da ya bambanta wannan saƙo da sauran shi ne ba kai kaɗai ke cikinsa ba. Akwai mutuncin wadda ta haɗa ku, domin ita ta tsaya maka, ta ce ta san tarbiyyarka. Sau da yawa kuma yarinyar za ta nuna wa mahaifiyarta ko yayarta abin da ka rubuta kafin ta amsa. Saboda haka ma'aunin mai sauƙi ne: kada ka rubuta abin da za ka ji kunya idan gwaggonka ta karanta.

Kafin ka taɓa waya, koma wurin wadda ta ba ka lambar ka yi mata tambaya uku. Shin yarinyar ta san za a neme ta, kuma ta amince a ba da lambarta? Shin iyayenta sun san da maganar? Shin babu wanda aka riga aka yi wa alkawari? Ta ƙarshen nan tana da nauyi, don addini ya hana nema cikin nema. Ta farkon kuwa ita ce ake yawan tsallakewa. Wani lokaci gwaggo da mahaifiyar yarinya ne suka gama magana a gidan biki, ita kuwa ba ta da labari. Idan saƙonka ya faɗo mata haka, za ta ɗauke ka kamar kowane baƙo da ya tsinci lambarta.

Mu ɗauki misali. Saurayi yana koyarwa a wata makarantar sakandare a Kaduna, gwaggonsa da ke Zariya ta haɗa shi da 'yar aminiyarta, kuma ta tabbatar masa an sanar da ita. Zai iya rubuta haka, ya sa sunaye a gurbin wane da wance:

"Assalamu alaikum. Barka da yamma, Malama wance, da fatan kina lafiya tare da mutanen gida. Sunana wane, ɗan wan Gwaggo wance ta Tudun Wada. Ita ta ba ni lambarki, ta ce ta yi miki bayanina. Ina zaune a Kaduna, ina aikin koyarwa. Na ce bari in gaishe ki in gabatar da kaina. Idan babu damuwa, ki sanar da ni lokacin da ya fi miki sauƙi mu gaisa. A gaida su Mama. Na gode."

Kowane layi a nan yana da aikinsa. Sallamar cikakkiya ce, ba "slm" ba, kuma ba a biyo ta da "ykk" ba, don gajarta gaisuwa ga wadda ba ku saba ba kan zo da kamar raini. An kira ta Malama, kalmar da ke girmamawa ba tare da kusanci ba. Sunan gwaggo ya zo da wuri, kafin ta fara tunanin wane ne wannan. Bayanin kai bai wuce gari da sana'a ba, domin albashi da mota da gidan da ake ginawa, idan suka shigo saƙon farko, sun zama alfahari. Gaida su Mama yana nuna mata ka san tana da magabata, kuma ba ɓoye kake nufi ba. Ƙarshen saƙon ya bar zaɓi a hannunta.

Lura kuma cewa duk a saƙo ɗaya aka haɗa. Masu tura "Salam" kawai su zauna jiran amsa suna ɗora mata nauyin tambayar ko wane ne, kuma mace mai kamun kai ba ta cika amsa baƙuwar lamba ba. Haka nan masu yayyanka magana gida takwas, wayarta na ta ƙara, suna nuna gaggawa.

Zaƙewa ita ce babbar matsala. Alamunta sanannu ne: kiranta da masoyiya ko gimbiya tun ba ku gaisa ba, yabon kyawun hoton da ke kan lambarta, roƙon ta turo hoto, kiran bidiyo ba sanarwa, da cewa ka kamu da sonta alhali ko muryarta ba ka ji ba. Akwai kuma zaƙewar tambaya: shekarunki nawa, kina da saurayi, kin iya girki? Idan bazawara ce, tambayar abin da ya kashe aurenta na fari ko yawan 'ya'yanta ba ta da gurbi a nan. Mafi yawan waɗannan gwaggo za ta iya amsa maka, sauran kuma lokacinsu na zuwa. A ɗaya gefen akwai bushewa, saƙo mai kama da takardar neman aiki, wanda babu ko tambayar lafiya. Sakin fuska a rubuce ba ya bukatar fiye da gaisuwa mai kyau da godiya.

Lokaci ma magana ne. Tsakanin la'asar da isha'i ya fi dacewa, sa'ad da aka taso daga aiki ko makaranta. Saƙon ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ko da kalmominsa tsarkakakku ne, yana sa a yi maka wata fassara. Rubutu kuma ya fi saƙon murya a karon farko, don za ta iya karantawa a gaban kowa ta amsa a natse. Ka duba hoton da ke kan lambarka da abin da ka ɗora a Status, domin su za ta fara leƙawa.

Bayan ka tura, sai haƙuri. Alamar shuɗi biyu tana nufin an buɗe saƙon, ba ta nufin an ƙi ka, kuma wasu ma sun kashe ta a wayarsu. Kunya kan sa a jinkirta, shawara da uwa ma kan ɗauki kwanaki. Ka ba ta kwana biyu ko uku. Idan shiru, kada ka bi da "kin gani kin share ni". Koma wurin gwaggo, ita ce ke da hanyar jin gaskiyar lamarin ba tare da an kunyata kowa ba. Gajeriyar amsa irin "Wa alaikumus salam, lafiya lau, na gode" ba sanyi ba ce, haka ake farawa. Amma idan ta ce ka fara neman izinin mahaifinta ko wani kawunta, wannan amsa ce mai kyau, ka karɓa ka sanar da manyanka. Idan kuma ta ce ka yi haƙuri, ka yi godiya a layi ɗaya ka tsaya nan. Gwaggonka da mahaifiyarta za su ci gaba da haɗuwa a suna da biki, kuma yadda ka karɓi amsar shi zai sa zumuncinsu ya ɗore.