Ruwan ledar da ban buga ba a Kumasi

A 2019 na ƙudurta kafa masana'antar ruwan leda a bayan garin Kumasi. Shekarata goma sha ɗaya ina kawo albasa daga Nijar, na gaji da hanya. Har na ga fili, na taya inji. Maigidana na zango ya ce, "Alhaji, kada ka biya ko sisi sai an zauna an binciki ko abin zai yiwu." Na ɗauko wani akanta ɗan ƙasa, muka fara.

Da ruwan muka soma. Jaka ɗaya leda 30 ce, kowace rabin lita, wato lita 15 ke nan. Ni kuwa jaka 500 nake so a rana, lita 7,500. Sai mai haɗa injin ya nuna mini abin da ban sani ba: matatar da ke cire gishiri takan zubar da kusan rabin ruwan da ya shige ta. Ashe rijiyar burtsatsen sai ta riƙa ba da wajen lita 15,000 kullum, har da rani. Muka biya aka yi ta jan ruwa yini guda don a ga ko zai ja baya, muka kai samfuri ɗakin gwaji. Duk ya yi kyau.

Lissafin kuɗi ya fi ba ni wuya. Ni leda da wuta kawai na ƙirga. Akanta ya ƙara man janareto don ranakun ɗauke wuta, da canjin matata, da ledar da ke fashewa, da ladan masu aboboya da za su raba kaya, da bashin da masu shaguna kan riƙe. Da damina kuma ciniki yakan faɗi. Riba ta ragu ƙwarai, amma dai akwai ta.

Sai a mako na biyar muka je wurin lauya, don jin yadda ake samun lasisin hukumar abinci da magunguna. Tambayarsa ta farko: "Fasfon wace ƙasa ke hannunka?" Ya buɗo dokar zuba jari ta Gana, mai lamba 865 ta 2013. A cikin sana'o'in da ta keɓe wa 'yan ƙasa zalla akwai bugawa da rarrabawa da sayar da ruwan leda. Zamana ɗan ECOWAS bai fitar da ni ba. Wallahi sai da na yi gumi.

Wani ya ce in sa sunan ɗan ƙasa a takarda, kuɗin nawa. Lauya ya ce wannan ma laifi ne a dokar, kuma ranar da aka saɓa, injin na mai suna ne.

Kuɗin gwajin rijiya ya tafi, alhali zama ɗaya da lauya ya isa tun ranar farko. Injin dai ban biya ba. Yanzu ma'ajiyar albasa nake dubawa, kuma a ofishin lauyan na fara.