Ba Kutse Aka Yi Maka Ba, Agogon Wayarka Ne Ya Kauce

Ka sa kalmar sirrinka daidai, Facebook ko Gmail ya ce kawo lambobi shida. Ka buɗe Google Authenticator, ka kwafe su ɗaya bayan ɗaya, aka ce ba su ba ne. Ka jira sababbi suka fito, ka sake, haka dai. A daidai nan ne gaban mutum yake faɗuwa, musamman wanda shafin nan shi ne shagonsa, can masu saye suke samunsa. Abin da zai fara zuwa maka a rai shi ne 'yan kutse sun ƙwace. To dakata tukuna. Kafin ka goge manhajar, kafin ka nemi wani "gwanin dawo da shafi" da zai karɓi kuɗinka ya kuma nemi kalmar sirrinka, duba agogon wayar. Bambancin minti biyu kacal ya isa ya rufe maka ƙofa.

Lambobin nan ba turo maka su ake yi ba. Shi ya sa ko ka kashe data, ko ka cire layi, suna ci gaba da canzawa. Ranar da ka ɗauki hoton tambarin QR lokacin saita manhajar, kamfanin ya ba wayarka wani mabuɗi na sirri, shi ma ya ajiye irinsa. Tun daga ranar kowa lissafinsa yake yi shi kaɗai: a haɗa mabuɗin da lokacin da ake ciki, a fitar da lambobi shida. Idan naka da nasu suka zo ɗaya, a buɗe maka. Sunan tsarin TOTP, an wallafa ƙa'idarsa a 2011 cikin takardar RFC 6238, kuma shi Google Authenticator da ire-irensa suke bi.

Lokacin kuwa ba "ƙarfe huɗu da rabi" ake nufi ba. Na'urori suna ƙirga sakan-sakan da suka wuce tun daga farkon 1 ga Janairu 1970 agogon GMT, su raba da 30, su yar da ragowar. Abin da ya fito shi ne lambar zangon da ake ciki. Bari mu gwada. A daren 14 ga Nuwamba 2023, ƙarfe 11:13 da sakan 20 agogon Najeriya da Nijar, ƙirgar ta cika 1,700,000,000 cif. Raba da 30, ka samu zango na 56,666,666. Yanzu a ce wayarka tana baya da minti biyu, wato sakan 120. Ita a wajenta ana zango na 56,666,662 ne, huɗu a baya. Yawancin shafuka suna yin sassauci na zango ɗaya gaba, ɗaya baya, saboda ɗan lokacin da mutum ke ɗauka yana rubutawa. Huɗu ya wuce sassauci. Kuma lissafin ba ya san "ka kusa": zango ɗaya ya bambanta, lambobin shida gaba ɗaya sun zama wasu daban.

Me zai sa agogon waya ya kauce, alhali ba mai allura ba ne? A cikin wayar akwai ɗan ƙanƙanin dutse da ke kaɗawa, da kaɗawarsa ake ƙirga lokaci. Ba ya cika daidai ɗari bisa ɗari. Kuskuren sakan ɗaya ko biyu a rana ba abin mamaki ba ne, zafi kuma yana taɓa shi, ga shi kuwa kowa ya san yadda waya ke gasuwa a teburin mai caji a watan Afrilu. A birni ba a lura, domin wayar tana gyara kanta a kai a kai, ko daga sabis ɗin kamfanin layi ko ta intanet. Wayar da ta daɗe ba ta ga ko ɗaya ba, kuskurenta taruwa yake yi. Sakan biyu a rana, wata ɗaya ya zama minti guda.

Mutanen Gatawa da sauran garuruwan Sabon Birni da Isa ba sai an yi musu dogon bayani kan rashin sabis ba. A watan Satumba 2021, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, Sabon Birni da Isa suna ciki. Ko ba a katse ba, akwai wuraren da sai an hau tudu ake samun sanda ɗaya. To ka ɗauki saurayin da ya sayi sabuwar waya, ya mayar da layinsa ciki, ya bar tsohuwar Itel a gida ba layi, ita ce kuma mai ɗauke da manhajar lambobin. Dabarar ba laifi, domin ko an fizge sabuwar a hanya, mabuɗin na gida. Amma tsohuwar ta yi wata uku ba ta gaisa da kowa ba. Idan kuma batirinta ya mutu murus ta kwana biyu a haka, wata wayar takan farka da kwanan watan da bai da alaƙa da yau.

Sai dai fa, gaskiya, sau da yawa ba dutsen ba ne, hannunmu ne. Akwai mai tura agogo gaba da minti biyar don kada ya makara sallah ko makaranta. Minti biyar zango goma ke nan. Akwai mai mayar da kwanan wata baya don tsohon WhatsApp ɗinsa da ya ƙare ya ci gaba da buɗewa, ko mai tura shi gaba don wasan waya ya ba shi ƙarin rai. Duk wanda ya yi ɗaya daga ciki ya kashe saitin da ke gyara lokaci da kansa, yawanci kuma mantawa ake yi a mayar.

Wanda ya fi ruɗarwa shi ne wanda agogonsa ke nuna daidai, amma lambobin suna ƙi. Ka sayi waya ta hannu, shiyyar lokacinta tana kan GMT, ta Accra misali. Ka ga tana baya da awa ɗaya, sai ka tura awar da hannu. A fuska ta yi daidai da ta kowa. A ciki kuwa wayar ta ɗauka yanzu ƙarfe huɗu ne a GMT, alhali uku ne, ka ga ƙirgarta ta yi gaba da sakan 3,600, zango 120. Duk wanda ka nuna wa zai rantse agogon nan lafiya lau yake. Tsallaka iyaka zuwa ɓangaren Maraɗi, ko wayarka ta kama sabis ɗin Nijar kana zaune a gida, wannan ba ya canza shiyya: ƙasashen biyu duk awa ɗaya suke gaban GMT, kamar yadda masu sauraron rediyo suka sha ji. Ko ma da shiyyar ta canza da kanta, ba ta taɓa lambobin. Tura awa da hannu ne ke ɓata su.

Akwai wata alama da mutane ke kira sa'a, wai wani lokaci ya karɓa, wani lokaci ya ƙi. Lura da ɗan da'irar nan da ke raguwa a gefen lambobin. A ce wayarka tana baya da sakan 40, a shafin da ke sassaucin zango ɗaya. Idan ka aika cikin sakan 20 na farko, zai shiga. Ka wuce nan, kamfanin ya riga ya yi gaba da zango biyu, sai ya ƙi. Idan gaba take da sakan 40, abin juyawa yake yi: sababbin lambobi su ƙi, waɗanda suka ɗan jima su shiga. Wanda ya ga haka, agogonsa na bakin gaɓa, nan da 'yan makonni zai daina karɓa gaba ɗaya.

Tabbatarwa ba wuya. A wayar da manhajar take, ba wadda kake ƙoƙarin shiga da ita ba, buɗe time.is. Zai gaya maka agogonka na gaba ne ko baya, da sakan nawa. Idan ba ta da data, kunna mata Hotspot daga ɗayar.

Gyaran a Android yana cikin Settings, sai System, sai Date & time. Sunan maɓallin yana bambanta tsakanin Tecno, Infinix da Samsung: wani Set time automatically, wani Use network-provided time, wani Automatic date and time. Kunna shi, ka kunna na shiyyar lokaci da ke ƙasansa, ka tabbatar tana nuna GMT+01:00. Idan ka tarar a kunne yake amma agogon bai daidaita ba, kashe shi ka sake kunnawa alhali akwai intanet, in ta kama ka kashe wayar ka tayar. A iPhone kuwa Settings, General, Date & Time, Set Automatically. Za ka ga tsofaffin bidiyoyi suna cewa ka shiga Time correction for codes a cikin Google Authenticator. Kada ka wahalar da kanka nema, Google ya cire shi tun fitowa ta 7.0, yanzu agogon wayar kawai manhajar ke bi.

Idan wayar ta ƙi gyara kanta sam, a yi da hannu amma da lura. Fara daidaita shiyya, sai kwanan wata. Sannan ka ajiye wata waya mai agogo daidai a gefe, ka shirya mintin da ke tafe, ka danna OK daidai lokacin da tata ta juya. Kuskuren sakan biyu ko uku yawanci ba ya hana shiga.

Kana cikin wannan, kada ka yi ta cusa lambobi sau goma, shafuka da yawa suna kulle mutum na wani lokaci idan kuskure ya yi yawa. Kada kuma ka goge manhajar ko ka danna Clear data. Agogo ana gyara shi a minti ɗaya, amma mabuɗin da ke ciki, idan ba ka haɗa manhajar da asusunka na Google ba, ya tafi ke nan, sai doguwar hanyar tabbatar wa kamfani cewa kai ne kai.

To idan time.is ya ce agogonka daidai ne, lambobin kuma suna ƙi fa? Duba ko layin da kake kwafa na wannan asusun ne, domin mai shafi uku yakan kwafi na wani ya kai wa wani. Tuna kuma ko ka taɓa kashe tsaron ka sake kunnawa: sabon QR sabon mabuɗi ne, tsohon layin zai ci gaba da fitar da lambobi ras, amma babu mai karɓarsu. Lambar da ake turowa ta saƙon tes, da PIN ɗin tabbatarwa na WhatsApp, su ba ruwansu da agogon wayarka, matsalarsu daban ce.

Da zarar ka samu ka shiga, je sashen tsaro ka fitar da lambobin ko-ta-kwana. A Google sunansu Backup codes, guda goma ne, kowace lamba takwas, kowace sau ɗaya take aiki, kuma ba sa duba lokaci. Rubuta su da biro a takarda, ka ajiye inda kake ajiye katin zaɓe, ba a hotunan wayar da za ta iya ɓata ba. Ita kuma tsohuwar wayar ta gida, sau ɗaya a mako ka yi mata caji, ka kunna mata Hotspot na 'yan mintuna.