Ɗan batirin da ke mayar da kwamfuta shekarun baya

A shagunan buga takardu da ke hidimar ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, akwai wata matsala da ta zama ruwan dare. An ɗauke wuta da dare, da safe an tayar da janareta, an kunna kwamfuta, sai ta nuna ƙarfe 12:00 na wata shekara da ta daɗe da wucewa. Ɗalibi na tsaye zai cire takardar sakamakon JAMB, amma Chrome ya ƙi buɗe shafin, yana rubuta "Your clock is behind" ko NET::ERR_CERT_DATE_INVALID. Kowane shafi mai tsaro yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kwamfutar da ke zaune a shekarun baya kuwa gani take lokacin takardar bai zo ba.

Nan take sai a ɗora laifi kan netwok ko bairos, wani ma ya biya kuɗi a sake masa Windows. Asara ce kawai. Mai laifin ɗan batir ne mai kama da kwabo, CR2032, da ke zaune kan babban allon cikin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod.

Faɗin batirin milimita 20, kaurinsa 3.2, ƙarfinsa bolt 3. Aikinsa ya riƙe agogon cikin allon yana tafiya idan babu wuta, a kwamfutoci da yawa har da saitin BIOS. Tun 1984 kamfanin IBM ya sa irin wannan agogo mai batir a kwamfutarsa PC/AT. Kafin nan sai mutum ya buga kwanan wata da hannu duk lokacin da ya kunna.

Abin da ya sa yake saurin mutuwa a Sakkwato ba ɓoyayye ba ne. Muddin kwamfutar tebur na jone da wuta, ko a kashe take, agogon daga soket yake ci, batirin na hutawa. Da an ɗauke wuta, ko mai shago ya zare waya don tsoron wuta mai ƙarfi ta dawo ta ƙona masa kaya, nauyin ya koma kan batir. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, wanda ke rage wa kowane batir kwana. Sannan yawancin kwamfutocin 'yan Beljiyam ne, sun riga sun ci shekaru a ofisoshin Turai kafin su iso.

A ɗauki Dell OptiPlex da ke tsayawa tana rubuta "Time-of-day not set", ko HP mai cewa "163-Time & Date Not Set". Gwajin farko ba ya buƙatar sukudireba. A shiga BIOS da F2 a Dell ko F10 a HP, a gyara lokaci, a kashe, a zare waya na minti goma, a sake kunnawa a duba cikin BIOS ɗin kafin Windows ta tashi, domin ita takan gyara agogo daga intanet ta rufe asirin. Idan lokaci ya koma baya, batir ne. Idan kuwa kullum awa ɗaya ko 'yan awanni cif yake saɓawa, mintoci na daidai, to saitin yankin lokaci ne. A zaɓi West Central Africa.

Mita ke raba gardama. Sabon batir yakan nuna bolt 3.2 ko 3.3, wanda ya sauka ƙasa da 2.8 ya kusa gamawa.

Kafin a cire tsohon, a ɗauki hoton shafukan BIOS da waya, musamman inda aka rubuta AHCI ko RAID, saboda idan wannan saiti ya sauya Windows na iya ƙin tashi. A zare wuta, a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a kai hannu kan allon. A tura ɗan ƙarfen da ke riƙe batirin gefe, zai ɗago da kansa. Ɓamɓara da ƙarfi ke karya mazauninsa. Sabon ya shiga alamar + tana sama, sannan a gyara lokaci da saitin. CR2025 da CR2016 faɗinsu ɗaya da shi, amma sun fi sirantaka, sukan yi sako-sako.

A laftof da dama batirin naɗe yake cikin roba da wayoyi biyu da ɗan fulogi, sai a nemi irinsa. Kada a yarda mai gyara ya ɗora ƙarfen soda kan batir tsirara, zai iya fashewa. Tsohon kuma kada a yar da shi inda yara ke wasa: idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu, don haka asibiti za a nufa nan take.