Kafin a ɗauki diga: yadda ake rubuta kason aiki

Wanda ya san ƙasar Kurfai ya san faƙon da ke saman tuddan Dallol Boso, tun daga Filinge har Shikal da Tukunus: ƙasa ce da ta daskare, ruwan sama na sauka ya gangare bai shiga ba. Shi ya sa kusan kowane rani za ka ga jama'a da diga da shebur suna haƙar rabin wata, wato ramukan nan masu siffar jinjirin wata da ke tare ruwa. Rigimar da ke biyo bayan irin wannan aiki kusan ɗaya ce kullum. Masu haƙa su ce sun gama, mai biya ya ce da saura, a koma takarda a tarar abin da aka rubuta bai wuce layi ɗaya ba: "Farfaɗo da ƙasa a faƙon gari." Wannan layi buri ne kawai, ba wanda zai iya cewa ga ranar da ya cika.

Masu tsara manyan ayyuka sun daɗe da gano maganin wannan. Tun a 1962 ma'aikatar tsaron Amurka da hukumar NASA suka fitar da tsarin rarraba babban aiki zuwa ƙananan kaso, kowane kaso da takardarsa. Takardar na amsa tambaya huɗu: me za a miƙa, ƙarfin mutum nawa zai ci, wa za a tambaya, kuma da me za a gane an gama. Bari mu gwada ta a kan misalin faƙo mai hekta 20.

Abin da za a miƙa dole ya zama abin da ake gani, a ƙirga, a taɓa. Ma'aunin da aka saba da shi a Nijar shi ne rabin wata mai faɗin mita 4, ana samun 313 a hekta ɗaya, jeri na biyu yana toshe tsakanin na farko. Don haka sai a rubuta: rabin wata 6,260 a kan hekta 20 da aka kafa wa turaku, faɗi mita 4, zurfi santimita 20, baki yana kallon tudu, ƙasar da aka haƙo an tara ta ta gefen gangare an daddaɓe. A lura, ba a ce "haƙa" ba. Mutum na iya wuni yana haƙa bai miƙa komai ba.

A wajen ƙarfin aiki ne aka fi yin tuntuɓe, domin ana haɗa shi da tsawon lokaci. Ƙarfin aiki ana auna shi da yinin mutum ɗaya. In mun ɗauka mutum yana gama rabin wata 3 a yini, 6,260 za su ci yini 2,087. Wannan adadi ba ya canzawa ko mutum nawa suka fito, kuma a kansa ake lissafin kuɗi. Abin da ke canzawa shi ne kwanakin da za a ɗauka: mutum 60 za su yi kwana 35 na aiki, in an cire ranar hutu ko ta kasuwa ya zama mako shida. To amma ina mutum 60 ɗin? Da rani samari da yawa sun tafi ci-rani, zafin Afrilu da Mayu yana rage aikin yini, kuma da zarar ruwan shuka ya sauka ba wanda zai bar gonar hatsinsa ya zo faƙo. In mutum 40 kaɗai ake da su, kwanakin sun haura 52. Mai rubutu nagari zai sa duka biyun a takarda, ya kuma faɗi inda ya samo 3 ɗin nan. Gara a ɗauki mutum biyar su gwada yini biyu a ainihin wurin, domin faƙo mai tsakuwa ba ya ba da abin da ƙasa mai laushi ke bayarwa.

Mai alhaki kuwa mutum ɗaya ne, da sunansa da muƙaminsa. Kwamiti na iya ba da shawara, amma ranar da aka tarar da gyara, in an rubuta "kwamitin gari" kowa zai noƙe. Sai dai a ba shi iko daidai da nauyin: shi ke raba layi, shi ke riƙe da rajista, shi ke iya cewa a sake wannan.

Yanzu ga inda na fi son mai karatu ya tsaya, wato gwajin kammalawa. A ganina shi ya kamata a fara rubutawa, tun ran gini ran zane. Gwaji mai kyau shi ne wanda baƙo zai zo da igiya da sanda ya yi shi, ya samu amsar da kowa zai samu. A misalinmu ana iya rubuta shi haka: za a ƙirga ramukan jeri-jeri, a kowace hekta mai dubawa zai zaɓi guda 10 da kansa, zai auna faɗi da igiya mai mita 4, zurfi da sanda mai tsaga a santimita 20, sannan ya taka kunyar, in ƙafa ta nutse ba a daddaɓe ba, hektar da 9 cikin 10 suka cika ta wuce, wadda ta gaza a gyara a sake aunawa kafin a biya. Mai dubawa, ko ma'aikacin gandun daji ne ko wakilin magajin gari, bai kamata ya zama shi ne mai alhakin aikin ba. Kuma kada a bar masu aiki su nuna masa inda zai auna, don ramukan bakin hanya kullum sun fi kyau.

Dalilin wannan tsanani a fili yake. Inda ake biya bisa ƙirga, hannu yakan karkata ga yawa: zurfi ya ragu, a guje wa wuri mai tauri, a cunkusa ramuka inda ƙasa ke da sauƙi. Lissafi zai cika cif, ruwa kuma ya wuce abinsa. In an karanta wa jama'a gwajin tun ranar farko, aka kuma raba wa kowane rukuni sanda mai tsaga, mai haƙa zai auna kansa kafin wani ya zo.

Akwai iyaka da ya kamata a kiyaye: kada a ɗora wa kaso gwajin abin da ba ya hannun mai shi. Idan aka rubuta "an gama in ciyawa ta fito", an ɗaure masu diga da damina, alhali ba su ke saukar da ruwa ba. Haka ma shata layi. In masu awo ba su bi daidaiton gangare ba, ƙaho ɗaya na rabin watan zai fi ɗaya sauka, ruwan farko ya taru can ya ɓalle kunyar, ko da haƙar ba ta da aibi. Saboda haka awo kaso ne daban, da nasa mai alhaki, a karɓe shi kafin a fara haƙa. Watsa irin ciyawa da dashen itace wani kason ne, gadin wurin daga dabbobi wani ne, kuma waɗannan sai bayan damina, wajen Oktoba, ake iya auna su.

Kira ga shugabannin ƙungiyoyin ƙauye da kansiloli a Kurfai: duk takardar aikin da aka kawo muku, ku nemi a karanta muku layin da ya ce da me za a gane an gama. In babu shi, a rubuta shi a gabanku kafin ku sa hannu.